Cheat Engine, GameGuardian ko tirena: wanne za ka ɗauka?

In ka leƙa Farm Centre ko Beirut Road, ba za ka rasa mai cewa zai sa maka manhajar ƙara zinare a gem ba. Kafin ka zaro kuɗi, ka sani Cheat Engine ta kwamfuta da GameGuardian ta Android duk kyauta ne, ladan sawa kawai kake biya. Aikinsu kuma ɗaya: laluben lamba a ƙwaƙwalwar na'ura da canza ta yayin da gem ke gudana.

A ce zinarenka 750. A Cheat Engine sai ka fara zaɓo gem ɗin daga jerin manhajojin da ke gudana, sannan ka zaɓi Exact Value da 4 Bytes, ka rubuta 750, ka danna First Scan. Adireshi, wato wuraren da lambar take a ƙwaƙwalwar, za su fito rututu, domin ba zinare kaɗai ke da wannan lambar ba. Koma gem ka sayi takobin 120, saura 630, ka rubuta ka danna Next Scan. Duk adireshin da bai koma 630 ba ya faɗi. In uku suka rage, ɗaya ne na gaske, sauran galibi kwafi ne na nunawa a allo. Taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Jini kuwa, in sanda ce ba lamba, fara da Unknown initial value, ka bari a doke ka, sannan Decreased value.

Ɓarnar daga nan take farawa. In gem ya ware wa zinare bayit 2, iyakarsa 65,535. Ka zuba 999,999 a 4 Bytes, ka shiga gonar maƙwabci ke nan: bayit biyun gaba wataƙila lambar kayan jakarka ce. Haka in ka daskarar da adireshin jini ka wuce wani mataki, gem na iya ba wa wani abu wurin, manhajar kuma tana ta rubutu a kai. Gem bai san an taɓa shi ba, sai ya adana shirmen da kansa. Alamarsa zinare ya koma ƙasa da sifili, kaya su ɓace, ko gem ya rufe duk sanda ka buɗe ajiyar.

Mai kwamfuta, ni dai Cheat Engine zan ce ya ɗauka, don yana ganin abin da yake taɓawa. Ya dai ƙi tayin ƙarin manhajojin da ke fitowa wajen sawa. Tirena, wato ƙaramar manhajar da wani ya riga ya nemo adireshin ya saka a ciki, ta fi sauƙi, amma da an sabunta gem tana iya rubutu a inda ba nan ba. GameGuardian na buƙatar a yi wa waya rut, wato a buɗe cikakken iko kan tsarinta, ko a buɗe gem cikin wata manhaja, ga shi a waya ciro fayil ɗin ajiya ya fi wuya. In mai shago ya kasa nuna maka inda fayil ɗin yake ka kwafe shi gefe tukuna, karɓi wayarka.