Riyal 780 na biya a kan man faso na jabu, ku duba lambar yuriya kafin ku saya

Assalamu alaikum matan Makka da Jidda. Akwai wata mata da ke tallan man kaushi da faso ta waya, tana kawowa har gida a wajejen Shara Mansur da Jarwal, roba fara mai giram 150 an manna mata takarda an rubuta yuriya 40%. Kada ku saya. Robobi 12 na karɓa a hannunta, kowace riyal 65, riyal 780 ke nan, kuma babu ko ɗaya mai yuriya 40 a ciki. Riyal 780, rabinsu ma ba nawa ba ne, na matan da suka ce tunda ni na san harkar fata in saya musu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ta same ni. Na tambaye ta yadda ake shafawa, da gangan, don in gwada ta. Sai ta ce, "Anti, a dunduniya kawai, kada a bari ya shiga tsakanin yatsu." Wallahi wannan maganar ce ta kashe mini jiki, don gaskiya ce, kuma ba kowane mai talla ya san ta ba. Tsakanin yatsu wuri ne mai damshi, in aka ƙara masa mai sai fatar ta yi fari ta ruɓe, cin ruwa ya samu wurin zama. Na ce a raina wannan ta san abin da take sayarwa. Ban juya robar na karanta bayanta ba. Ni da nake ce wa mutane su karanta, ban karanta ba.

Sai ranar Talata, a'a, Laraba ce, don ranar aka dawo mini da roba ta farko, bayan mako biyu mai ita tana shafawa safe da dare kaushin ko gezau. Na sa farce a gefen takardar, sai ga wata a ƙarƙashinta: 5%. Robobi takwas duk haka suke. Mai ne na jiki mai arha ta sayo, ta lulluɓe lambar. Sauran huɗun nasu labarin daban ne, zan zo kansu.

Bari in yi bayanin lambar nan, don a kanta take cin kuɗin mutane. Yuriya tana cikin fatar kowa tun asali, tana daga abubuwan da ke riƙe ruwa a saman fata. Wadda ake sawa a mai kuma a masana'anta ake haɗa ta, ba daga fitsari ake tacewa ba kamar yadda wasu ke tsoro. Lambar da ke jikin roba nauyi take nufi: 10% shi ne giram 10 na yuriya a cikin kowane giram 100 na mai. To robar giram 150 da aka ce 40% ce, dole a samu giram 60 na yuriya a cikinta. Wadda aka ba ni giram 7 da rabi ne a ciki. An karɓi kuɗin giram 60 an ba ni 7 da rabi.

Kuma bambancin ba na "wannan ya ɗan fi wancan ƙarfi" ba ne, aikin ne yake sauyawa. Daga 5 zuwa 10 yuriya ruwa take jawowa ta riƙe a fata, ta hana bushewa. Ya dace da ƙafar da ta yi furu-furu amma ba ta yi kauri ba, kuma shi ne na shafawar kullum. In lambar ta haura 10 sai ta fara wani aikin, ta sassauta mataccen saman fatar da ya taurare har ya saki ya zube. Shi ya sa dunduniyar da ta yi kaushi mai kauri, gefenta ya yi ruwan ɗorawa ya fara tsagewa, 20 zuwa 30 take so, kuma yawancin man dunduniya na kirki da ke saidaliyya, wato kantin magani, 25 ne. Faso yana zuwa ne idan kaurin nan ya bushe ya daina miƙewa, nauyin jiki ya danna dunduniya ta baje, sai busasshiyar fatar ta dare. Ga zafin Makka ba damshi, ga silifas mai buɗaɗɗen baya, ga ɗawafi da sa'ayi ƙafa ba takalmi a kan marmara. In ba a rage kaurin ba, ko galan na mai 5% aka juye, da safe tsagar na nan.

Shi kuwa 40 ba man shafawar ƙafa gaba ɗaya ba ne. Ƙarfinsa ya kai likitoci su yi amfani da shi wajen laushe farcen da ya yi kauri ya lalace. A dunduniya, kan kantar kawai ake ɗiga shi, a zagaye lafiyayyar fatar da basilin, a yi kwanaki kaɗan, abin ya yi laushi a sauko. Wanda ya laɓta shi ko'ina zai ga fata ta yi ja tana zafi tana saɓulewa. Saboda haka ko da na matar nan na gaske ne, ce wa kowa ya saya ya shafa safe da yamma kuskure ne. Ni niyyata mata uku masu kanta sosai su yi amfani da shi yadda na faɗa, sauran in nuna musu iya wurin da za su taɓa. Ina faɗa ne don masu cewa me ya kai ni sayen 40 har 12. Na san me nake yi da shi, abin da ban sani ba shi ne wadda nake ciniki da ita.

Ga lissafin da da na yi shi a bakin ƙofa da aƙalla rabin riyal 780 ɗin nan yana jakata. A bayan kayan shafa ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. A robar nan kalmar `Urea` ita ce ta shida. In ta shida tana da kashi 40, to biyar ɗin da ke gabanta kowanne ya kai 40 ko ya fi, jimla 240 cikin 100. Ina aka taɓa yin haka? Mai 40 na gaske, yuriya ta farko ce ko ta biyu bayan `Aqua`, wato ruwa. Mai 25 ba za ta wuce ta uku ba. Sai dai in man an yi masa rajista a matsayin magani, to nan za ku ga an ware ta ita kaɗai a sama da lambarta, sauran a ƙasa. Daƙiƙa goma wannan dubawar ke ci. Ni kuwa ina tsaye ina jin "Anti, kada ya shiga tsakanin yatsu," ina gyaɗa kai.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin ta kawo kayan ta sa na tura rabin kuɗin, riyal 390, wai kayan daga waje suke zuwa kuma saura kaɗan. Hoton hirarmu da shaidar turawar duk suna nan, zan sa su da hoton takardun biyu, ta sama da ta ƙasa, in na gama rufe lambobin mutane.

Robobi huɗun nan ba su da takarda a ƙasa, ba jerin sinadarai, ba ranar lalacewa, ba lambar rukunin da aka yi su. Haɗin hannu ne. In ka murza a yatsa sai ka ji tsaki-tsaki kamar sukarin da bai narke ba, in ka buɗe wari ya bugi hanci kamar na makewayin da ba a wanke ba, an yi ƙoƙarin danne shi da turare. Duka biyun suna da dalili. Yuriya a ruwa take narkewa, ba ta narkewa a basilin ko a mai, to wanda ya zuba garinta a basilin ya juya, tsakuwoyi zai samu masu kartar fata. Warin kuma na amoniya ne: yuriyar da ta haɗu da damshi ta sha zafi tana rushewa ta fitar da shi, kuma kayan da ke yini a but ɗin mota a ranar Makka dole su yi haka. Man yuriya mai kyau sumul yake, kusan ba shi da wari. Daga ina ta samo garin? Na tambaye ta, don yuriyar taki ma ana sayar da ita buhu-buhu kuma ba a tace ta don fatar mutum ba. Amsar da na samu ita ce ta toshe lambata.

Ɗaya daga cikin huɗun ta faɗa hannun wata dattijuwa mai ciwon suga, dunduniyarta da tsaga a buɗe. 'Yarta ce ta shafa mata, kwana uku wurin ya yi ja ya kumbura, sai asibiti. Da 'yar ta kira matar nan, kafin ta toshe mu ke nan, cewa ta yi, "Hajiya, zafin ai alamar yana aiki ne." Ƙarya ce. Ɗan raɗaɗi na minti ɗaya ko biyu yana faruwa da mai ƙarfi, amma zafin da ya daɗe, ja da kumburi, alamar a wanke a daina ne. Tsagar da ke jini ko ruwa ba a sa mata yuriya mai ƙarfi, ciwo ne, wankewa ake yi a rufe sai ya haɗe. Mai suga kuwa sau da yawa jijiyoyin ƙafarsa sun daina jin zafi sosai, zai ƙone bai sani ba. Nasa 10 ne a kullum, abin da ya fi haka sai likita ya ga ƙafar, kuma reza ba ta kusantar dunduniyarsa.

Ga mai kaushi da faso marar jini: ku je saidaliyya ku nemi mai 25, bututu ko roba a like. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 5 zuwa 10, a goga dutsen kaushi a hankali, a tsane, a shafa kamar ƙwayar gyaɗa a kowace dunduniya safe da dare, da dare a sa safar auduga. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za a ga sauyi, in ta yi laushi a koma 10. In an yi mako uku ba canji, ga ƙaiƙayi da ɓarɓashi fari har tafin ƙafa, a ga likita, wataƙila ba kaushi ba ne. Mai shirin harami ya zaɓi marar turare, kuma kada a shafa dab da shiga ɗawafi, marmara na da santsi.

Kayan shafa a ƙasar nan Hukumar Abinci da Magunguna ce ke kula da su, kuna iya duba roba a manhajarta ta Tameni, lambar wayar hukumar 19999. Ƙarar algus a ciniki kuma 1900 ce, ta Ma'aikatar Kasuwanci. Duk wadda ke da farar robar nan ta daina shafawa, amma kada ta jefar, ta kawo mini da takardarta a jiki. Tara ke hannuna yanzu, saura uku.