Kafin alƙalami a bashin mota: abin da na gani a jadawalin biya

Motar da nake hawa yanzu da bashi na saye ta, ta hannun wani kamfanin ba da lamunin ababen hawa da ke aiki da dillalin da na saya a wurinsa. Na yi nisa da biya, kuma zuwa yanzu ba su taɓa cire mini ko ƙwandala fiye da abin da muka rubuta ba. Wannan yabo ne da suka cancanta. Amma akwai wuri ɗaya da nake ganin kamfanin bai kyauta wa masu saye ba, shi ne yadda ma'aikatansa ke bayanin kuɗin kafin alƙalami, wato kason da mutum zai fara ajiyewa daga aljihunsa kafin a ranta masa sauran. Suna maganarsa kamar wani shinge ne da za a taimaka maka ka tsallake da sauƙi, alhali yana cikin abubuwan da suka fi yanke hukunci a kan nawa motar za ta tsaya maka a ƙarshe.

Don lissafin ya yi sauƙin bi, zan mayar da farashin motar 10,000 cif. Kowa ya ƙara sifili gwargwadon kuɗin da yake amfani da shi, sakamakon ba zai canja ba. Kuɗin ruwan da aka yanka mini kashi 18 cikin 100 ne a shekara, ana lissafa shi a kan abin da ya rage na bashin, wato kashi 1.5 cikin 100 kowane wata. Wa'adin da na nema wata 48.

Mafi ƙarancin kafin alƙalamin da suke karɓa kashi 10 ne. Idan ka ba da 1,000, bashinka 9,000 ke nan, biyan wata kuma kusan 264. Ka ninka wannan sau 48, ka ga za ka mayar musu da kusan 12,690, kuɗin ruwa kaɗai 3,690. Ka haɗa da 1,000 ɗin da ka fara bayarwa, motar 10,000 ta tsaya maka a 13,690. Ni kashi 30 na yi niyyar bayarwa. Da 3,000 a hannu, bashin ya koma 7,000, biyan wata kusan 206, kuɗin ruwa 2,870, jimillar kuɗin mota 12,870.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. A wannan ruwa da wannan wa'adi, duk 1,000 da ka ƙara a kafin alƙalami tana rage maka kusan 29 a biyan wata, tana kuma hana ka biyan ruwan 410 a tsawon shekara huɗu. Dubu ta farko da dubu ta huɗu duk aikinsu ɗaya, babu wadda ta fi wata. Ragin 29 a wata bai cika burge mutum ba, shi ya sa da yawa suke cewa ai bambancin ba shi da yawa, gara su riƙe kuɗinsu. Amma 410 a kan kowace 1,000 ba ƙaramin abu ba ne, kuma wannan adadin ne ba a faɗa maka sai ka tambaya.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne abin da ma'aikacin ya yi bayan na ce masa kashi 30 zan bayar. Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya ce, “Malam, me zai sa ka fitar da wannan kuɗin duka? Ka ba da kashi 10 kawai, in mayar maka da wa'adin wata 72. Duba nan, biyan watanka ma sai ya ragu.” Na duba, kuma gaskiya ya faɗa: bashin 9,000 a wata 72 yana zuwa kusan 205 a wata, ƙasa kaɗan da 206 ɗin da zan biya idan na ajiye 3,000. Ga mota ɗaya, ga biyan wata kusan ɗaya, ga kuma 2,000 ta rage a aljihuna. Duk wanda aka nuna wa wannan zai ji an yi masa gata.

Sai na ce ya buga mini jadawalin biya na tsarin biyu. Ya ɗan yi jim, amma ya buga. A ƙasan takardar farko jimillar kuɗin ruwa 2,870. A ƙasan ta biyu kusan 5,780. Motar da za ta tsaya a 12,870 ta koma kusan 15,780, bambancin ya haura 2,900. Wato don ka riƙe 2,000 yau, za ka biya ruwan da ya fi 2,000 ɗin kanta, ka kuma ƙara shekara biyu cur ana cire maka kuɗi duk ƙarshen wata. Ba ƙarya ya yi mini ba, ko kalma ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya nuna mini layin biyan wata ya bar layin jimilla a ƙasa inda ido bai kai ba, kuma na tabbata da yawa sun sa hannu ba su taɓa ganin wannan layin ba.

Dalilin wannan tazara yana cikin layukan farko na jadawalin. Kuɗin ruwa na kowane wata ana cire shi ne daga abin da ake bin ka a lokacin. A bashin 9,000, ruwan watan farko 135 ne. Daga cikin 205 da ka biya, 70 kaɗai ta taɓa uwar kuɗin. A bashin 7,000 kuwa ruwan watan farko 105 ne, kusan 101 ta tafi rage bashi. Kuɗin da ke fita daga asusunka iri ɗaya ne, amma a tsari ɗaya kusan rabinsa yana sayo maka motar, a ɗayan kuma kashi biyu cikin uku haya ce ta kuɗin da aka ranta maka. Kamar mai ɗebo ruwa ne da bokiti mai huda: yana ta zirga-zirga, randa ba ta cika.

Wannan yana da wani sakamako da bai shafi jimilla ba, kuma a ganina ya fi ta haɗari. Bayan shekara ɗaya, mai ƙaramin kafin alƙalami da dogon wa'adi ya biya fiye da 2,460, amma har yanzu ana bin sa kusan 8,080. Mota kuwa ba ta jiran kowa, darajarta tana sauka tun ranar da ta bar wurin dillali. A ce ta yi asarar kashi ɗaya cikin biyar a wannan shekarar, ta koma 8,000. To bashin ya fi motar ke nan. Idan larura ta sa ya sayar, kuɗin ba zai rufe bashin ba, sai ya cika daga aljihu kuma ya koma tafiya a ƙasa. Idan hatsari ya lalata ta gaba ɗaya ko aka sace ta, inshora yawanci darajar motar a ranar take biya, ba abin da kamfanin lamuni ke bi ba, giɓin kuma a wuyansa yake. Mai kashi 30 a daidai wannan lokacin ana bin sa kusan 5,690, ga mota mai darajar 8,000. Ko yau ya sayar, zai biya bashi ya tashi da canji.

Wani zai ce ya ba da ƙarami yanzu, in ya samu kuɗi daga baya ya zuba ya rage bashin. Ana iya yi, amma a karanta takardar tukuna. A tawa akwai tara ga wanda ya biya kafin lokaci, kuma ba a ambata mini ita da baki ba, ni na tsinto ta a shafin baya. Ban da tarar ma, duk watan da 2,000 ɗin nan ta kwana a cikin bashi tana jawo ruwan 30. Haka kuɗin buɗe fayil da suke karɓa: kaso ne na bashin, ba na farashin mota ba, don haka babban bashi babban caji, kuma idan ka yarda aka cusa shi cikin bashin shi ma sai ya riƙa haifar ruwa. Ni na biya nawa a hannu.

Abu ɗaya da kamfanin ya yi daidai, kuma na yaba, shi ne lissafa ruwa a kan ragowar bashi. Wani wurin da na fara leƙawa sun ce nasu ruwan kashi 10 ne kacal, sai dai a kan cikakken bashin ake lissafa shi har ƙarshen wa'adi, ko ka biya rabi ko ba ka biya ba. Kashi 10 na 7,000 sau shekara huɗu 2,800 ne, kusan daidai da 2,870 ɗin da kashi 18 ya ba ni. Adadin da ya yi kama da rabi ashe kusan abu ɗaya ne. Masu bin tsarin murabaha, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da riba sananniya ba ruwa ba, su ma wannan magana ta shafe su, domin ribar galibi gwargwadon kuɗin da bankin ya fitar da tsawon wa'adi ake yanka ta. Ka ƙara naka kason, nasu ya ragu, ribar ta ragu.

Ban ce mutum ya kwashe duk abin da ya mallaka ya zuba ba. Kafin alƙalami kuɗi ne da ba ya dawowa hannu, kuma a watan farko akwai cikakkiyar inshora da kamfanin ke wajabtawa, ga rajista, ga ɗan gyaran da ba a rasa ba idan motar ta hannu ce. Wanda ya ba da kashi 40 ya zauna babu ko sisi, taya biyu suka fashe masa a wata guda, zai iya makara da biya, tarar makara kuma ta cinye ragin da ya samu. Ni na iya kaiwa kashi 40, da biyan wata ya sauko 176, ruwa kuma 2,460. Na tsaya a 30 na ajiye sauran saboda irin wannan rana, na san cewa natsuwar ta ci mini 410, kuma na yarda da farashinta. Abin da ba shi da ma'ana sam shi ne ranto kafin alƙalamin daga wani wuri mai ruwa mafi tsada, domin bashin bai ragu ba, rabuwa kawai ya yi gida biyu.

Zan iya tura ɗan'uwana wannan kamfani, amma da sharaɗi: kada ya amsa tambayar “nawa za ka iya biya a wata?” sai an buga masa jadawali biyu a kan wa'adi ɗaya, ɗaya da mafi ƙarancin kafin alƙalami, ɗaya da abin da zai iya bayarwa ba tare da ya tsiyata kansa ba. Ya duba jimillar ruwa a ƙasan kowanne, sannan ya duba ragowar bashi a layi na 12 ya gwada shi da abin da motar za ta yi a kasuwa bayan shekara. Suna da takardar, kyauta ce, amma ba sa miƙo ta sai an nema.