Manhajar taƙaita taron safe: ta iya aikin da aka gama, ta yi rauni a kan cikas

Ƙungiyarmu ta mutum shida ce, muna gina manhajar biyan kuɗi, kuma kullum da safe muna taron tsaye na minti 15, iyakar da Scrum Guide ya sa. Litinin zuwa Juma'a minti 75 ke nan na magana, kuma ni ke mayar da shi rahoton shafi ɗaya ga manaja: me aka ci gaba da shi, me ya tare hanya. Shi ya sa muka yi rajista da wata manhaja da ke karɓar rikodin taron daga Zoom, ta mayar da shi rubutu, ta fitar da taƙaitawa.

Wajen aikin da aka kammala ba ni da ƙorafi. In mutum ya ce ya gama tikitin aiki mai lamba PAY-142 kuma an haɗa shi da babban reshe, to za ka gan shi a rahoto da sunan mai shi da ranar. Kowane layi yana ɗauke da mintin da aka faɗe shi, sai ka danna ka saurara da kunnenka.

Matsalar tana wajen cikas, wanda kuma shi ne abin da manaja ke buɗe rahoton dominsa. Manhajar tana taƙaita kowace rana ita kaɗai, sannan ta ɗinke guda biyar ɗin wuri ɗaya. Shi kuwa cikas yana da ranar da ya taso da ranar da ya kau, ba a gane shi sai an bi shi daga wannan rana zuwa waccan.

Ga yadda wani mako ya kasance. Ranar Litinin mai aikin PAY-150 ya ce sabar gwaji ta faɗi, ba ya iya gwada komai. Ranar Laraba wani abokin aiki ya ce a taƙaice, "na tayar da ita jiya da yamma." Bai ambaci saba ba, bai ambaci lambar tikiti ba, don duk mun san abin da yake nufi. Rahoton Juma'a ya fito da faɗuwar sabar a saman jerin cikas, alhali kwana uku ke nan da warwarewa. A makon nan dai, mai riƙe da PAY-147 tana jiran mabuɗin API daga bankin da muke hulɗa da shi. Tun Talata take cewa "har yanzu dai ina jira, amma ina taɓa wani abu kafin nan." Da yake ba ta furta kalmar cikas ba, kuma ta faɗa cikin sanyin murya, sai manhajar ta jera ta cikin aikin da ke tafiya. Wannan ya fi damuna, domin shi ne wanda wayar manaja ɗaya zuwa banki za ta iya kawarwa.

Akwai kuma batun harshe. Mukan fara da Turanci mu zarce Hausa, musamman in ana bayanin abin da ya cije. Daidai nan rubutun ke tsallake jimloli ko ya cika su da kalmomin Turanci masu kama da sautin.

Abin da ya gyara mana lamarin daga bakinmu ya fito, ba daga saitin manhajar ba. Yanzu kowa yana fara magana da lambar tikiti. A mintuna biyun ƙarshe mai jagorantar taro yana karanto cikas ɗaya bayan ɗaya da Turanci: lamba, wa ake jira, tun yaushe, a buɗe yake ko an rufe. Ranar Juma'a kuma ina gwada rahoton da Jira, inda muke bin tikitocinmu, ina neman tikitin da ke kan aiki amma bai motsa ba:

```
project = PAY AND status = "In Progress" AND updated <= -3d
```

Duk tikitin da ya fito a nan amma rahoton ya ce yana tafiya, sai na tambayi mai shi kafin in tura komai.

In ƙungiyarku na taro da harshe ɗaya kuma kuna kiran lambar tikiti, kuɗin ba zai tafi a banza ba. Sashen cikas dai kada ya bar hannunka sai ka karanta shi layi-layi. Kuma ku nemi yardar kowa kafin fara rikodi, ku duba tsawon lokacin da kamfanin ke ajiye muryoyinku, don a taron nan ana ambaton sunayen abokan ciniki.