Gargaɗi: Wayar da ake sayar muku da "ta buɗe" alhali cif aka saka mata

Jama'a, masu sayen iPhone ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke ce wa Landan yus, a yi hattara. Akwai masu sayar da waya, musamman waɗanda ba su da shago sai talla a WhatsApp da Facebook, da ke ɗauko wayar da ke kulle a kan layin wani kamfani na Amurka, su liƙa mata wani ɗan cif a wurin sim, su sayar da ita a farashin buɗaɗɗiya. A gabanka za su saka layin MTN, sabis ya kawo, a yi kira ya shiga, ka biya ka tafi. Matsalar sai daga baya take fitowa, lokacin da mai wayar ya daina ɗaga kiranka.

Ga abin da kullen yake nufi. A Amurka mutane da yawa ba sa biyan kuɗin waya a dunƙule. Kamfanin layi irin su AT&T ko T-Mobile ne ke ba su ita, suna biya wata-wata har shekara 2 ko 3. Don kada mutum ya karɓi waya ya gudu zuwa wani kamfani, sai a ɗaure ta a kan layinsu kaɗai. Wayar lafiyarta ƙalau: tana ɗaukar hoto, tana hawa Wi-Fi, komai yana aiki, amma da ka saka mata baƙon layi sai ta rubuta maka "SIM Not Supported". A iPhone, wannan ɗaurin a rumbun bayanan Apple yake rubuce, haɗe da IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, kuma duk lokacin da aka kunna ta a matsayin sabuwa sai ta tambayi can ko an yarda ta karɓi layin da ke cikinta. Shi ya sa fulashin ba ya cire shi, duk ƙwarewar mai gyara. Apple ɗin ma ba ya buɗewa da kansa. Kamfanin layin da ya ɗaure ta ne kawai zai ba da izini.

Shi kuwa cif, wani siririn abu ne kamar ɓawon albasa da ake shimfiɗawa tare da sim a cikin tire. Za ka ga an rubuta R-SIM ko Heicard a jikinsa. Aikinsa ya ruɗi wayar ta ɗauka layin kamfaninta na asali ne a ciki. Sayar da waya mai cif ba laifi ba ne idan an faɗa maka, kuma an rage maka kuɗi sosai. Akwai 'yan kasuwa masu amana da za su ce maka kai tsaye "wannan mai cif ce". Cutar tana wurin wanda ya ɓoye.

Ɗauki misalin wanda ya sayi iPhone 12 irin wannan zai tafi Umara. A gida yana amfani da ita wata da watanni, abin da kawai yake lura da shi shi ne sabis yana ɗaukewa lokaci-lokaci, batir kuma yana saurin sauka, yana ɗora laifin a kan kamfanin layi. Ya sauka Jidda, ya sayi layin STC ko Mobily, yaron shagon ya zaro tire, ɗan cif ɗin ya faɗo ko ya lanƙwashe. Aka saka sabon layi, waya ta ƙi. Ko da cif ɗin bai lalace ba, sau da yawa sai an sake saita shi kafin ya karɓi wani layi, kuma ba kowa ya iya ba. Ya mayar da layinsa na gida, nan ma ta tsaya a shafin kunnawa. Mutum yana ƙasar da ba tasa ba, banki yana turo lambar sirri ta saƙo, ba inda zai karɓa. Haka yake faruwa da ɗan kasuwar da ya tsallaka Maraɗi ya sayi layin Moov ko Zamani. Wani ma bai je ko'ina ba, sabunta manhajar wayar kawai ya yi, da safe ya tarar babu sabis.

Binciken da zai cece ka ba ya cin minti 5. Karɓi wayar a hannunka, kada ka yarda da hoton allo da aka turo maka, ka bi nan:

```
Settings > General > About > Carrier Lock
```

Idan buɗaɗɗiya ce za ka ga "No SIM restrictions". Idan ka ga "SIM Locked", a kulle take, ko da sabis ya cika a sama. Sannan ka zaro tiren da kanka ka duba ko akwai wani abu liƙe da shi. Akwai kuma dabarar da ta fi wannan wayo, inda ake amfani da cif sau ɗaya a kunna wayar sannan a cire shi, ta ci gaba da aiki har ranar da aka goge ta. Maganin wannan shi ne ka ce a yi "Erase All Content and Settings" a gabanka, a sake kunna ta da layinka. Wannan gwajin kuma zai tona idan akwai iCloud ɗin wani a kanta, wanda shi wani kulle ne daban kuma ya fi muni. Mai sayarwar da ya fara "ai babu caji", "ai sauri nake", ka miƙa masa kayarsa. A Samsung da sauran wayoyin Android, saka layin da ba nata ba. Idan ta nemi "SIM network unlock PIN", a ɗaure take, kuma kada ka yi ta cankar lamba, don sau kaɗan ake yarda a gwada.

Wani abin lura: iPhone 14 zuwa sama da aka yi don kasuwar Amurka, tun 2022, ba su da wurin sim ko kaɗan, eSIM ne kawai. Idan ka ga ta Amurka ce amma ga tire a gefenta, to an buɗe cikinta an yi mata tiyata. Kuma wayar da aka ce daga Birtaniya take, sabuwar fita, bai kamata ta zo a kulle ba, domin tun Disamba 2021 hukumar Ofcom ta hana kamfanonin can sayar da waya a ɗaure. Kanada ta riga su tun 2017.

Buɗewa ta halal kyauta ce, amma tana da sharuɗɗa. Dole an gama biyan kuɗin wayar kaf, ba a kai rahoton sata ko ɓata a kanta ba, kuma ta yi wasu kwanaki tana aiki a layin kamfanin: AT&T na neman kwana 60 ga masu biyan wata-wata, T-Mobile kwana 40. Ana shigar da IMEI, lamba 15 da ke fitowa idan ka danna `*#06#`, a shafin kamfanin ko a kira su. Idan sun amince, iPhone ba ta buƙatar a shigar da wata lamba. A saka sabon layi a hau Wi-Fi, ta buɗe, kuma ba ta sake kullewa ko an goge ta. Don haka idan ɗan'uwanka a Amurka zai aiko maka waya, ce masa ya buɗe ta tun tana hannunsa, ya ga "No SIM restrictions" da idonsa kafin ya ba wa matafiyi. Bayan ta iso Kano, shi mai asusun ne har yanzu kamfanin zai fi saurara.

A nan ne kuma rukuni na biyu na macuta ke jira. Ka gano wayarka a kulle take, ranka a ɓace, sai wani ya ce turo IMEI da rabin kuɗi, cikin awa 24 zai buɗe ta har abada. Tambaye shi wane kamfani ne ya ɗaure ta, kuma akwai bashi a kanta ko babu. Idan bai bincika ba amma ya riga ya yanka farashi, kuɗinka yake so. Wayar da AT&T ba ta bin bashi, kai da kanka za ka iya neman a buɗe ta a shafinsu ba tare da ka biya ko sisi ba. Wadda kuwa ake bin bashi ko aka sato, kamfanin ba zai amince ba. Duk wanda kuma ya nemi kalmar sirrin Apple ID ɗinka da sunan buɗe layi, toshe shi nan take, don buɗe layi IMEI kaɗai yake buƙata.

Idan kai ne ke riƙe da mai cif kuma kana son sayarwa, faɗa wa mai saye, ka nuna masa shafin Carrier Lock, a rubuta a rasit cewa mai cif ce tare da IMEI ɗinta. Idan kai ne mai saye, ka sa a rubuta maka cewa buɗaɗɗiya ce, da sharaɗin za ka dawo da ita a mayar maka da kuɗinka idan ta ƙi wani layi.