Tanka ko bohol ɗin maƙwabci: kuɗin lita ɗaya a Katsina

"Jama'a, mu a Sabuwar Unguwa muke, famfo ba ya kawo ruwa. Mai tanka ya ce lita 10,000 naira 35,000. Maƙwabcinmu mai bohol yana sayar da jarka naira 50, in mai kura ya kawo har gida 150. Tankinmu na lita 5,000 ne, muna shan jarka takwas a rana. Wanne ya fi sauƙi?"

Hajiya, kafin komai a juya jarkar a duba lambar da ke jikinta. Yawancin jarkoki rawaya na man girki da 'yan ga-ruwa ke lodawa a kura lita 25 ne, amma akwai masu 20. Zan yi lissafi da 25.

A bakin famfon maƙwabci lita ɗaya naira 2 ce. Tanka kuwa, in kin raba 35,000 gida 10,000, naira 3 da kwabo 50. Da wannan kaɗai sai a ce bohol ya ci. Sai dai ruwan naira 2 yana can ƙofar gidan mutane, bai shigo randarki ba. Da mai kura ya turo shi ya juye miki, ya koma naira 6, domin kashi biyu cikin uku na kuɗin ladan turi ne. In kuma jarkarsa mai 20 ce, naira 7 da rabi kike biya ba ki sani ba.

Ita ma tanka naira 3 da rabin nan sai duk ruwan ya shiga hannunki. Tankinki rabin mota kawai zai ɗauka, direba kuma kuɗin zuwa yake karɓa, don gas ɗin da ya ƙona ɗaya ne ko kin sauke duka ko rabi. In kika biya ke kaɗai ya koma da saura, kin sayi lita a naira 7, kin zarce mai kura. Mafita ita ce ki sami maƙwabciya mai tanki irin naki ku raba mota, kowa 17,500.

Akwai kuma ƙwauro. Na taɓa sayen motar da aka ce min 10,000 ce, muka raba da gidan yayana. Tankina ya cika har ya tumbatsa, nasa ya tsaya kaɗan sama da rabi, tiyo ya fara tofar da kumfa. Abin da ya shigo bai wuce 8,000 ba, lita ta tashi kusan naira 4 da kwabo 40. Tun ranar nake sa yaro ya hau ya leƙa murfin motar kafin a kunna inji, na kuma yanki gora daidai tsayin tankina na yi mata zane huɗu. Tankin roba mai siffar ganga kusan faɗi ɗaya yake daga ƙasa zuwa kafaɗa, saboda haka kowane zane kusan lita 1,250 ne.

Gidanki na shan lita 200 a rana, 6,000 a wata. Da mai kura 36,000 ke nan, da tankar haɗin gwiwa 21,000. In yara ne za su ɗebo, 12,000, amma jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, takwas kullum ba aikin ɗan firamare ba ne.

Abin da ni zan yi, in gidajen sun kusa, shi ne a je a zauna da maƙwabcin a roƙi a jawo tiyo zuwa tankinki, ke ki sayi mai. Ki riƙe agogo: in jarka ta cika a minti ɗaya, famfonsa na ba da 1,500 a awa, tankinki zai cika a awa uku da minti ashirin. A ƙaddara janareto ya sha lita huɗu a naira 1,000 kowace, ki ɗora masa 3,000 na gyara, 7,000 ke nan, lita ta zo naira 1 da kwabo 40. In da wutar KEDCO ko sola yake ja, ya fi haka sauƙi.

Iyakar wannan hanya bazara ce. Daga Maris zuwa Mayu ruwan ƙasa kan ja baya. In kika ga tiyo na tsartuwa da iska, ko yashi na kwantawa a gindin bokiti, a kashe nan take, don famfon da ke cikin rijiyar, ruwa ne ke sanyaya shi, in ya ja a bushe ƙonewa yake, kuma kunyar taki ce. A waɗannan watanni ki koma tankar haɗin gwiwa, ki kuma tambayi direba inda ya ɗebo kafin ki zuba a randar sha.