FIFO ko Matsakaicin Farashi: Ina Riba Take Faɗawa?

A ce ɗan kasuwa a Dawanau ya sayi buhun masara 100 a kan N30,000 kowanne, daga baya ya ƙaro 100 a kan N40,000. Ya sayar da 100 a kan N50,000, ya karɓi N5,000,000.

A tsarin FIFO, kayan da suka fara shiga sito su ake lissafin sun fara fita. Kuɗin sayen abin da ya sayar N3,000,000 ke nan, riba N2,000,000. A tsarin matsakaicin farashi kuwa, ana haɗa N7,000,000 a raba wa buhu 200, kowanne ya tashi N35,000, riba ta sauko N1,500,000. Masara ɗaya, amma ribar da za a ɗora wa haraji ta bambanta da N500,000.

Wannan kuɗi bai ɓace ba, yana kwance cikin darajar ragowar kayan sito: N4,000,000 a FIFO, N3,500,000 a ɗaya tsarin. Ranar da aka sayar da su bambancin zai dawo, don haka jinkirta haraji ne kawai.

Ni dai lokacin hauhawar farashi na fi son matsakaici, domin ribar FIFO tana ruɗi: buhun da zai maye gurbin wanda aka sayar ya riga ya yi tsada. In farashi na faɗuwa, kamar lokacin kaka, lissafin juyawa yake. Ƙa'idar IAS 2, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta lissafin kayan sito, ta yarda da duka biyun, amma ba a sauya tsari kowace shekara don gudun haraji.