Kati ko fom: wanne ke cinye kuɗin ɗawainiyar maɗaba'a?

"Ina da ƙaramar maɗaba'a, inji ɗaya mai buga launi guda a lokaci ɗaya. Muna buga fom da littattafan rasidi masu yawa, muna kuma buga katunan gayyata masu launi. A lissafina kati ne ke kawo riba, fom kuwa kusan asara. Amma kullum muna cikin aikin kati, kuma ƙarshen wata ba a ganin kuɗin. An ce in gwada lissafi bisa ayyuka, wanda ake kira ABC. Mene ne bambancinsa da rabon da nake yi bisa awannin inji?"

Malam, hanyoyin biyu ba su da saɓani a kan takarda da tawada da farantin bugu, domin waɗannan kowa ya san aikin da ya cinye su. Rigimar tana kan sauran kuɗin: albashin mai inji da mai zane, wutar lantarki, gyaran inji, haya, kai kaya. Hanyar da kake bi tana zuba su duka a tukunya ɗaya, ta raba da ludayi ɗaya, wato awannin da inji ya yi yana gudu. Ɗaya hanyar, wadda Robin Cooper da Robert Kaplan suka yi fice da ita a ƙarshen shekarun 1980, sai ta fara tambaya: wane aiki ne ya jawo wannan kuɗin, kuma wa ya sa aka yi aikin?

Bari mu ɗauki wata guda. Alƙaluman na misali ne, ka maye su da naka. A ce kuɗin ɗawainiya ya kama 1,200,000, inji kuma ya yi gudu na awa 200: fom ya ci 160, kati ya ci 40. A tsohuwar hanya kowace awa ta tashi a 6,000, don haka fom ya ɗauki 960,000, kati ya ɗauki 240,000. Idan cinikin fom 2,400,000 ne, kayan aikinsa sun ci 1,500,000, saura 900,000, to bayan an ɗora masa rabonsa sai ya fito da asarar 60,000. Kati kuwa an sayar na 1,000,000, kayan aiki 400,000, saura 600,000, a cire 240,000, riba 360,000. Ina jin kusan hoton da littafinka ke nuna maka ke nan.

To amma ka tsaya gefen injin ranar da ake buga kati mai launi huɗu. Mai inji ya ɗaura faranti, ya zuba tawada, ya daidaita ruwa da tawada, ya buga 'yan takardun gwaji ya zubar, sannan ya buga kati 200 cikin 'yan mintuna. Sai ya tsaya ya wanke rola, ya cire faranti, ya ɗaura na launi na biyu, ya yi ta juya sukurori har launin ya hau daidai kan na farko. Haka zai yi sau huɗu. Duk wannan lokacin inji a tsaye yake, albashi na tafiya, amma ludayinka bai ƙirga komai ba, tunda gudu kaɗai yake ƙirgawa. Fom kuwa faranti ɗaya ne, baƙar tawada, a ɗaura da safe a yi ta bugu har yamma.

Lissafi bisa ayyuka sai ya fasa tukunyar nan gida biyar. Shirya inji da wanke shi ya ci 300,000, an yi shiri sau 150 a watan, kowane shiri 2,000 ke nan. Zane da gyare-gyare da nuna wa kwastoma sun ci 240,000 a awa 160, kowace awa 1,500. Gudun inji kansa, wato wuta da gyara da tsufan inji da rabon albashin mai inji na lokacin bugu, 360,000 a awa 200, kowace awa 1,800. Karɓar oda, rubuta takardar biya, kai kaya da bin bashi 120,000 a oda 40, kowace oda 3,000. Saura 180,000 na haya da gadi da makamantansu, waɗannan mu ajiye su gefe tukuna. Ga yadda rabon ya kasance:

| Aiki | Fom | Kati |
|---|---|---|
| Shirya inji | sau 30: 60,000 | sau 120: 240,000 |
| Zane da gyara | awa 30: 45,000 | awa 130: 195,000 |
| Gudun inji | awa 160: 288,000 | awa 40: 72,000 |
| Oda da kai kaya | oda 5: 15,000 | oda 35: 105,000 |
| Jimla | 408,000 | 612,000 |
| A tsohuwar hanya | 960,000 | 240,000 |

Reshe ya juye da mujiya. Fom ɗin da ake zargi da asara ya bar 492,000, kati kuwa ya ci abin da ya kawo duka har ya ɗora gibin 12,000. Ka lura fa, ribar maɗaba'ar ba ta motsa ba: 300,000 ce a hanya ta farko, 300,000 ce a ta biyu bayan an cire haya. Babu hanyar da ta ƙara maka ko sisi. Abin da ya canza shi ne an gano wanda ke goye da wani.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne a oda guda. Wani ya zo yana son kati 200 mai launi huɗu. Shiri huɗu 8,000. Ya dawo sau uku yana cewa a ƙara girman suna, a sauya launin gefe, har mai zane ya ɓata awa huɗu, 6,000. Gudun inji awa ɗaya a jimlace, 1,800. Oda 3,000. An tashi a 18,800, wato 94 a kan kowane kati, kafin a yi maganar takarda. Tsohuwar hanya za ta ce maka 6,000 ne kacal, 30 a kan kowane kati, kai kuma ka yanka farashi a kan haka kana murna. Da mutumin zai ce a buga masa 2,000, abin da zai ƙaru awa ɗaya ce ta gudu, jimlar ta koma 20,600, kusan 10 a kan kowane kati. Dalili shi ne yawancin kuɗin nan ba yawan kati suke bi ba, yawan oda da yawan launi suke bi. Ludayi ɗaya ba zai taɓa ganin wannan ba.

Akwai alamar da za ka gane cewa rabonka ya karkace tun kafin ka yi wani lissafi. Duk ƙaramin aiki mai launi da ka faɗi farashinsa, nan take ake amincewa, ba ko ciniki. Duk babban aiki mai launi ɗaya kuwa, sai ka ji wani ya karɓe shi da farashin da kake ganin ba zai yiwu ba. Ba lallai ne hauka yake yi ba, wataƙila kai ne ka ɗora wa babban aikin kayan da ba nasa ba.

Sai dai kada ka ga gibin 12,000 ka ce daga yau ka daina kati. Nan ne mutane ke faɗawa rami. Idan ka daina, 600,000 ɗin da kati ke bari bayan kayan aiki ta tafi nan take, amma 612,000 ɗin da aka ɗora masa ba za ta tafi ba, sai in ka sallami mai zane, ka rage wa mai inji albashi, ko ka samu wani aikin da zai cike lokacinsu. Abin da zai ragu da kansa kaɗan ne: wuta, maganin wanke rola, kuɗin kai kaya. Lissafi bisa ayyuka yana nuna wanda ya cinye lokaci da kayan aiki. Ko kuɗin zai fita daga aljihunka ko zai zauna, wannan wata tambaya ce daban, kuma kai ne za ka amsa ta layi-layi.

Amfanin teburin shi ne ya nuna inda za a taɓa. Shiri 120 ne babban ciwon, to a haɗa katunan mutane uku ko huɗu a kan faranti ɗaya idan takardarsu iri ɗaya ce, a buga su tare, a yanka daga baya. Ayyukan da ke son launi iri ɗaya a jera su a rana ɗaya don a rage wanki. A ware kuɗin shiri daban a takardar farashi, komai ƙanƙantar oda. Gyara biyu kyauta, na uku da kuɗi. Ni a ganina wannan na ƙarshen ya fi saurin biya, domin da zarar kwastoma ya san gyara na uku da kuɗi ne, zai zauna ya karanta rubutunsa tun a karon farko.

Ita kuwa 180,000 ta haya, na fi son a bar ta ba a raba ba. Haya ba ta san fom ba, ba ta san kati ba. Duk ma'aunin da ka raba ta da shi ƙirƙira ce. A haɗa abin da kayayyakin suka bari, a cire ta a dunƙule.

A ɓangaren wahala, tsohuwar hanya ta yi nasara. Lamba ɗaya take so, kuma tana hannunka. Sabuwar tana son a riƙa ƙirga shiri da awannin zane, wanda ba ya yiwuwa sai da 'yar takarda da ke bin kowane aiki, ana rubuta lokacin ɗaura faranti da lokacin da takardar farko mai kyau ta fito. Kada ka tambayi ma'aikata yadda suke raba lokacinsu, domin kowa zai lissafa maka ɗari bisa ɗari, babu wanda zai ce ya yi awa biyu yana jiran aiki. Ka auna shiri goma da agogo, ka ɗauki matsakaici. Kaplan da Steven Anderson ma sun koma kan wannan a 2004, suka ce a auna mintunan da kowane aiki ke ci, a kuma raba kuɗi da lokacin da za a iya aiki a zahiri, kimanin kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na lokacin da ake biya. Amfanin haka shi ne a watan da kasuwa ta yi sanyi. Idan shiri ya sauka daga 150 zuwa 100 ka raba 300,000 da 100, kowane shiri zai tashi 3,000, ka ƙara farashi, kwastomomi su ƙara guduwa. Ka bar shi a 2,000, ragowar 100,000 ka rubuta ta da sunanta, kuɗin zaman jira.

Da a ce duk ayyukanka kusan girma ɗaya ne da yawan launi ɗaya, da na ce ka zauna a kan awannin inji, bambancin ba zai kai wahalar ba. Haka ma in da injin dijital kake buga katin, wanda ba ya son faranti, layin shiri zai kusan ɓacewa, sai zane da oda su rage. Amma kai da ke da oda 5 masu cin awa 160 a gefe guda, da 35 masu cin awa 40 a ɗaya gefen, a kan inji mai launi ɗaya, ka yi ƙirgar ta wata guda da tukwane huɗun nan. Ba sai ka maimaita kowane wata ba. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, ko ranar da albashi ya canza, ko ka sayi sabon inji.